Wasannin da yarinya mai raunin gani za ta shiga ba tare da ta ji ciwo ba

"'Yata shekararta bakwai, tana gani amma ba sosai ba. Likita ya rubuta 6/60 a katinta, kuma gilashinta mai kauri ne ƙwarai. Duk lokacin da ta shiga wasa da yayyenta sai ƙwallo ta buge ta ko ta yi tuntuɓe, har na fara hana ta. Yanzu kullum tana zaune ita kaɗai. Wasan haɗa hoto ma da na saya mata ta ture shi gefe. Wane irin wasa zan ba ta wanda za ta yi tare da su ba tare da ta ji ciwo ba?"

'Yar'uwa, Allah ya raya miki ita. A aikina da yara masu raunin gani, abin da nake gani yana ji musu ciwo shi ne abin da ya zo musu ba zato: ƙwallon da ta taho ta sama babu sauti, kujerar da aka matsar ba a faɗa musu ba, yaron da ya keto da gudu ta gefen da ba sa gani. Gudu da tsalle su kansu ba su cika kawo matsala ba. Saboda haka aikinki shi ne ki cire ba-zata daga cikin wasan, ki bar mata motsin.

Amma kafin komai akwai tambaya ɗaya da za ki kai wa likitan idonta, kuma kaurin gilashin nan ne ya sa na fara da ita. Gilashi mai kauri sosai a idon yaro yawanci yana nuna ɗaya daga abu biyu: ko dai rashin ganin nesa ne mai tsanani, ko kuma an taɓa yi mata aikin cire yanar ido ba a sa mata madubin roba a ciki ba. A duka biyun, tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido, wanda shi ne yake karɓar hoto, yana da saurin ɓamɓarewa fiye da na sauran yara idan aka samu bugu a ido ko a kai. Haka abin yake ga wasu yaran da aka haifa bakwaini kuma idon ya taɓu. Ki tambaye shi kai tsaye: akwai haɗarin ɓamɓarewar tantanin ido idan ta bugu? Wane wasa ne bai yarda da shi ba? Sannan ki tambaya da me aka yi gilashin. Na wasa ya kamata ya zama na robar folikabonet, wadda ba ta tarwatsewa kamar kwalba, da madauri a bayan kai don kada ya zame. Idan ido ɗaya ne yake yi mata yawancin aikin, wannan gilashin ya zama dole a duk wasan da akwai ƙwallo ko gudu. Wasannin da zan kawo miki na zaɓe su ne yadda ko da likita ya ce a yi hattara za su yiwu, domin babu bugu a kai, babu karo, babu faɗuwa da gangan.

Lambar 6/60 ma'anarta ita ce abin da lafiyayyen ido yake tantancewa daga nisan mita 60, ita sai ta matso mita 6. Lambar ta gaya mana yadda take ganin ƙananan abubuwa a gabanta cikin hasken ɗakin likita. Ba ta gaya mana ko tana gani ta gefe ba, ko yadda rana take yi mata, ko yadda take yi da magariba. Yara biyu masu lamba ɗaya za ki ga ɗaya tana gudu abinta, ɗaya kuma tana cin karo da gefen ƙofa. Don haka ki yi gwaji uku da kanki, cikin raha, ba tare da ta ji kamar jarrabawa ake yi mata ba.

Ki ajiye ƙwallo a ƙasa daga nesa, ki ce ta taho a hankali ta faɗa miki daidai lokacin da ta gan ta, sai ki auna nisan da taku. Ki maimaita da farar ƙwallo, da mai ruwan ɗorawa, da ja, a kan ƙasan da suke wasa a kai. Za ki yi mamakin yadda launi ɗaya zai iya ninka nisan. Bayan haka ki zauna a gabanta tana kallon fuskarki, wani ya shigo da abin wasa a hankali daga bayanta ta dama, ta hagu, ta ƙasa, ki lura da inda take fara ganinsa. Idan sai abin ya kusa zuwa gaban hancinta, ganin gefenta ya ƙuntata, kuma wannan ne yake jawo tuntuɓe da karo fiye da komai. Na uku, ki lura da ita a rana tsaka da kuma bayan faɗuwar rana. Wadda take runtse ido tana sunkuyar da kai a rana, kamar yadda yara zabiyoyi suke yi, hula mai baki da inuwa take buƙata, kuma a tsayar da ita rana tana bayanta. Wadda take tsayawa cik idan duhu ya fara, wato mai dundumi, wasanta na waje ya ƙare kafin magariba.

Mu ɗauka gwajin ya nuna tana ganin ƙwallo mai ruwan ɗorawa daga mita 3. Ƙwallon da babban yaro ya buga da ƙafa tana iya cin mita 10 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan daga lokacin da ta gan ta zuwa lokacin da ta same ta, kusan kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa ne kawai. Babba ma da ƙyar zai kare fuskarsa a wannan lokacin. Ba sakaci take yi ba, lissafin ne bai ba ta dama ba. Idan kuwa aka gangaro ƙwallon a ƙasa da saurin mita 2 a daƙiƙa, tana da daƙiƙa ɗaya da rabi bayan ta gan ta. Idan kuma ƙwallon tana ƙara, tun daga hannun mai gangarowa take bin ta da kunne. Duk dabarar wasan ƙwallo ga irin 'yarki tana cikin wannan: a rage sauri, a saukar da ƙwallon ƙasa, a ba ta sauti.

Akwai wasan da aka gina a kan haka tun tuni, ana ce masa golbol. Hanz Lorenzen ɗan Austiriya da Sepp Reindle Bajamushe ne suka ƙirƙiro shi a 1946 domin sojojin da suka rasa gani a yaƙin duniya na biyu, kuma ya shiga wasannin Faralimfik, wato gasar duniya ta masu buƙata ta musamman, a birnin Toronto na Kanada a 1976. Mutum uku-uku ake yi a fili mai tsawon mita 18 da faɗin mita 9, da ƙwallo mai nauyin kilo 1.25 da ƙararrawa a cikinta. Layukan filin igiya ce a ƙarƙashin salatif don a ji su da hannu, 'yan kallo kuma shiru suke yi yayin da ƙwallo take tafiya. Ainihin ƙwallon ta yi wa 'yar shekara bakwai nauyi, kuma 'yan wasan suna zubewa ƙasa da jikinsu don tarewa, abin da ba na so ta yi kafin likita ya yarda. Tsarin kawai za mu ara.

Ki samu ƙwallo mai laushi, ba mai nauyi ba, a launin da ya ci gwajinki. Idan babu mai ƙararrawa, ki sa ta cikin leda mai ƙara ki ɗaure bakin tam ki yanke abin da ya rage. Kacau-kacau ɗin ledar ya isa, amma ki cire ta ki ɓoye bayan wasa idan akwai ƙananan yara a gidan. Ki ware fili kamar mita 6 a tsawo da mita 3 a faɗi, ki share shi tas. A kowane ƙarshe ki shimfiɗa siririyar igiya ki danne ta da salatif mai faɗi mai launin da ya bambanta da ƙasan. Wannan ne layin gida: tana ganinsa idan ta duba, tana jin tudunsa da hannu idan ta laluba. Kowa zaune ko a durƙushe a kan layinsa, ana ƙoƙarin gangara ƙwallo ta wuce layin abokin hamayya.

Dokoki uku ne, kuma a kan yayyenta suke, ba a kanta ba. Ƙwallo ba ta barin ƙasa. Wanda ya jefa ta sama ya ba da maki. Mai gangarowa sai ya ce "ga ta nan" ya ɗan dakata kafin ya saki. Sannan babu magana har sai an tare ko an ci. Ta ukun ce ta fi wahalar da yara, kuma ita ce ta fi muhimmanci, domin ihun "tare! tare!" yana binne ƙarar da take dogara da ita. Ki fara ke da ita kaɗai daga mita 2, ƙwallon tana zuwa mata tsakiya, har sai ta tare takwas cikin goma. Sai ki ƙara nisa, sannan ki fara karkatarwa dama da hagu. Kada ki ƙara nisa da karkata a lokaci guda, domin idan ta fara kuskure ba za ki san wanne ya jawo ba.

Kuskurenta zai gaya miki abin gyara idan kika lura. Idan kullum ta gefe ɗaya ƙwallon take wuce ta, ko dai can ne ganin gefenta ya fi rauni, sai ki zaunar da ita ta ɗan matsa can don yawancin filin ya koma ɓangaren da take gani, ko kuma kunnen ɓangaren yana buƙatar a duba shi. Idan tana miƙa hannu daidai amma a makare, sauri ya yi yawa. Idan tana kau da kai tana runtse ido tun kafin ƙwallon ta iso, tsoron bugun da ta sha a baya ne bai sake ta ba, sai ku koma mita 2 da ƙwallon soso na wasu kwanaki.

Mutane sukan tambaye ni ko a ɗaure wa kowa ido kamar yadda ake yi a ainihin golbol. Yayyenta, eh, lokaci-lokaci, suna zaune a kan layi ba suna yawo ba. Yana koya musu dalilin dokar shiru fiye da duk wani faɗa da za ki yi, kuma sau da yawa za ki ga ta cinye su. Ita kuwa ban ba da shawara ba. Yarinyar da take da sauran gani tana buƙatar ta koyi aiki da shi, ta haɗa ido da kunne, kuma amfani da ido ba ya ƙarar da shi.

Gudu kuma, wanda na san shi ne ya fi ba ki tsoro, yana da hanya mai sauƙi. Ki ɗaura igiya mai santsi tsakanin turaku biyu masu ƙarfi, tsawon mita 10 zuwa 15, a daidai ƙugunta, ki ja ta ta yi tauri. Kafin ki ɗaure, ki zura guntun bututun roba kamar tsawon tafin hannu a jikin igiyar. Shi za ta riƙe yana zamewa, don kada igiyar ta ƙone mata hannu. Mita 2 kafin kowane ƙarshe ki yi babban ƙulli wanda bututun ba zai wuce ba. Ku fara takawa tare ta taɓa ƙullin ta taɓa turken, ta san tazarar da ke tsakaninsu, sannan sassarfa, sannan gudu. Ki ƙara mata alama tun kafin ƙullin, ko dai ƙyalle mai haske ko muryarki, don ta fara rage gudu, kada ƙullin ya fizge mata hannu. Yayyenta su yi tsere da ita ta ɗaya gefen igiyar da tazara, babu mai tsallake layi. Da an gama a kwance igiyar, domin abin da yake ƙugun 'yar shekara bakwai yana iya zama wuyan ƙaninta.

Yanzu wasan haɗa hoton da ta ture. Ina kyautata zaton irin na kwali ne mai sheƙi, gutsattsari da yawa, hoton cike da ƙananan abubuwa masu launuka kusa da juna. Mai cikakken gani yana kallon hoton gaba ɗaya, ya hango guntun da yake nema a cikin tarin. Ita kuwa sai ta kai kowane guntu kusa da idonta, kuma kafin ta duba na biyar ta manta na farko. Ƙwaƙwalwarta lafiya lau, neman ne ya gajiyar da ita tun kafin ta kai ga tunanin.

Ki yi mata da kanki. A kan kwali mai kauri girman shafin littafi, ki zana abu guda ɗaya babba, kifi ko mota, da baƙin alƙalami mai kaurin baki, ki cike shi da launi biyu ko uku masu nisa da juna. Ki yanka shi gida shida, kowanne da siffar da ta bambanta, yadda yatsa zai iya gane su. Ki manna zare mai kauri a kan layin jikin kifin, sai ya zama idan guntu biyu suka dace, zaren yana ci gaba a ƙarƙashin yatsarta ba tare da yankewa ba. Wannan ya ba ta hanyar tabbatar da amsa ita da kanta, ba sai ta ɗago ta tambaye ki ba. Ki yanke ƙaramar kusurwa a saman dama na cikakken hoton don ta san sama da ƙasa.

Inda za ta yi shi ma rabin aikin ne. Ki ba ta tire mai baki don kada gutsattsarin su tsere, ki shimfiɗa baƙin ƙyalle marar ado a ciki idan hoton mai haske ne. Gutsattsarin da ba a sa ba su zauna a wani ƙaramin mazubi a gefen idon da ya fi gani, kullum wuri ɗaya. Fitila ta zo daga gefe ko ta bayan kafaɗarta ta sauka a kan aikin, kada ta haska mata fuska, kuma ki duba ko inuwar kanta tana rufe tiren idan ta sunkuya. Ki ɗan jingina tiren ya tashi don wuyanta ya huta, ƙyallen zai hana kwalin zamewa. Idan ta kai abu daf da idonta, ki bar ta, haka take ƙara masa girma kuma ba ya cutar da ita. Idan tana karkatar da kai ta wata fuska, musamman in idonta yana rawa, kada ki ce ta gyara zama. Ta gano kusurwar da rawar take lafawa ne.

Minti goma zuwa goma sha biyar ya isa a zama ɗaya. Murza ido, hawaye, ciwon kai, ko ta fara tura gutsattsari da ƙarfi ba tare da dubawa ba, duk alamun idon ya gaji ne, ba taurin kai ba. Idan ta iya shida cikin sauƙi, ki je tara, sannan sha biyu. Ki ƙara yawan gutsattsari, amma kada ki rage girmansu ko ƙarfin launinsu. Wahalar da muke so ta tunani ce, ta ganin kuwa tana da isasshiya.

Wasan da na fi so shi ne wanda ya haɗa biyun, domin a nan ne yayyenta suke daina yi mata alfarma su fara wasa da ita da gaske. Ki raba gutsattsarin kifin shida a tashoshi uku a cikin ɗaki ko fili, biyu a kowacce, cikin mazubi mai launi mai ƙarfi. Kafin a fara, ku zagaya tare a hankali, tana bin bango da bayan yatsunta, kina faɗa mata abin da yake ina: tebur a dama, matakala ɗaya bayan ƙofa. Bakin matakalar da kusurwar teburin ki manna musu salatif mai haske. Ƙofofi su kasance a rufe ruf ko a buɗe har bango, domin ƙofar da aka bari rabi ita ce ta fi fasa goshin yara masu raunin gani: hannu yana wucewa ta gefenta, fuska ta ci karo da bakinta. Daga nan babu wanda zai matsar da komai har a tashi.

Kowace tasha tana da mai kira, yayanta ko ke, da sautinsa daban: ɗaya tafi, ɗaya gwangwani da tsakuwa a ciki, ɗaya ƙararrawa. Mai kira yana tsayawa wuri ɗaya yana maimaita sautin har ta iso, ba ya matsawa don tsokana. Ki hana wannan tsokanar tun ranar farko, domin sau ɗaya aka yaudare ta da sauti ta bugu, za ta daina yarda da shi. Ta ɗauko guntu ɗaya, ta koma tire, ta nemi gurbinsa, sannan a kira ta tasha ta gaba. Bayan zagaye biyu ko uku a daina kira, ta je da abin da ta haddace. Sai a juya, ita ta zama mai kira, yayanta ya nema. Idan tsere suke so, kowa ya yi shi kaɗai a auna lokacinsa da agogo. Yara biyu suna rige-rige zuwa mazubi ɗaya, sunkuye, kai da kai, shi ne karon da muke gudu.

A nan ki koya mata abu ɗaya da zai yi mata amfani har girma. Duk lokacin da za ta sunkuya ɗaukar abu, ta durƙusa da gwiwa bayanta a miƙe, hannu ɗaya a gaban fuskarta da ɗan tazara, tafin yana kallon waje. Idan akwai bakin tebur a wurin, hannun ne zai fara samunsa. Sannan ku daina ce mata "can" ko "nan" ko "yi hankali". Waɗannan kalmomi ba su gaya mata komai ba sai tsoro. Ku ce "taku biyu a hagunki", "kujera a gabanki". Ku kuma ware kalma guda, "tsaya", wadda ba a wasa da ita, wadda duk wanda ya ji zai daskare a inda yake, har yayyen.

Duk da wannan shiri za ta faɗi wani lokaci, ta kurje gwiwa kamar kowane yaro, kuma wannan ba dalilin dakatar da wasa ba ne. Abin da ba a jira da shi daban ne. Idan ta bugu a ido ko a kai, ko ma ba ta bugu ba, sai ta ce tana ganin walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo da yawa suna yawo, ko kamar an ja labule ta wani gefe, ki kai ta wurin likitan ido a ranar. Ɓamɓarewar tantanin ido ba ta da zafi, kuma yara ba su cika faɗa ba, musamman idan ɗaya idon yana rufa asiri. Saboda haka bayan duk wani bugu mai ƙarfi ki rufe mata ido ɗaya bayan ɗaya da tafin hannunki ba tare da dannawa ba, ki maimaita gwajin ƙwallon nan da kika riga kika san nisansa. Idan abin da take gani daga mita 3 yanzu sai ta zo mita 1, ko ta fara cin karo ta gefen da ba ta saba ba, kada ki jira gari ya waye ki ga ko zai wuce. Idan kuma idon ne ya ji rauni a fili, kada ki wanke, kada ki danna, kada ki ɗiga komai. Ki kifa masa gindin tsaftataccen kofin roba ko na takarda yadda ba zai taɓa ƙwayar idon ba, ki manne da salatif, ku tafi asibiti.